Saiwar Irƙus-sus da Hawan Jini: Yadda Toshe Inzayim Ɗaya a Ƙoda ke Sa Kotisol Yin Aikin Aldostiron

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin dalilin da ya sa yawan shan saiwar irƙus-sus, wadda Turawa ke kira likoris, yake haddasa hawan jini tare da raguwar sinadarin fotasiyam a cikin jini. Hujjar da takardar ta tsaya a kai ita ce, saiwar tana dakatar da wani inzayim da ke cikin ƙoda mai suna 11β-HSD2, wanda aikinsa shi ne kashe kaifin homon ɗin kotisol kafin ya isa makarɓin da aka tanadar wa homon ɗin aldostiron. Da zarar an dakatar da shi, kotisol ɗin jikin mutum ne da kansa yake sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta kuma zubar da fotasiyam. An kawo hujjojin da suka tabbatar da haka, an bi diddigin wani maras lafiya da aka wallafa labarinsa a 2020, sannan an amsa suka huɗu da ake yi wa wannan bayani.

Gabatarwa

Tsiron da masana ke kira Glycyrrhiza glabra yana fitowa ne a ƙasashen kudancin Turai da Gabas ta Tsakiya da tsakiyar Asiya. A Holan da ƙasashen arewacin Turai ana yin baƙar alawa da ruwan saiwarsa, a Misra da Sham ana jiƙa ta a sha da buɗa-baki a watan azumi, a Sin da Japan kuwa tana cikin haɗe-haɗen magungunan gargajiya masu yawa. Zaƙin da ke cikinta ya samo asali ne daga wani sinadari da ake kira gilisirizin, wanda ya ninka sukari zaƙi kusan sau hamsin. Wannan sinadari shi ne tushen matsalar da za a tattauna.

A 1946 wani likita ɗan Holan mai suna Revers ya lura cewa masu gyambon ciki suna samun sauƙi idan suka sha wani haɗi na irƙus-sus, amma kusan ɗaya cikin biyar daga cikinsu sai jikinsu ya kumbura. A 1950 Molhuysen da abokan aikinsa suka nuna cewa saiwar tana sa jiki riƙe sodiyam da ruwa, yana kuma zubar da fotasiyam, tamkar an yi wa mutum allurar homon ɗin da ke kula da gishiri. Daga nan aka ɗauka cewa gilisirizin ɗin ne ke kwaikwayon wannan homon kai tsaye, domin tsarin ginuwarsa ya yi kama da na homon-homon ɗin adirinal. An shafe kusan shekara arba'in a kan wannan fahimta kafin a gane cewa lamarin ya biyo ta wata hanya dabam.

Matsalar da ƙoda take warwarewa kullum

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai suna adirinal, wadda ke fitar da homon biyu da suka shafi wannan bahasi. Na farko shi ne aldostiron. Jiki yana ƙara fitar da shi idan ruwan jini ya ragu ko fotasiyam ya yi yawa, kuma ƙoda ce ke fara kiran sa ta hanyar sakin wani sinadari mai suna renin. Aldostiron yana aiki a ƙarshen siraran bututun ƙoda, inda ake yanke hukuncin ƙarshe kan yawan gishirin da zai fita cikin fitsari. Idan ya shiga tantanin da ke jikin bututun ya haɗu da makarɓinsa, sai tantanin ya ƙara yawan ƙofofin shigar sodiyam da ake kira ENaC a ɓangaren da ke fuskantar fitsari, ya kuma ƙara ƙarfin famfon da ke tura sodiyam ɗin cikin jini ta ɗaya ɓangaren. Ruwa yana bin sodiyam duk inda ya tafi, don haka ruwan jini yake ƙaruwa. Kuma da yake sodiyam yana ɗauke da cajin lantarki mai kyau, ficewarsa daga bututun tana barin cikin bututun da caji maras kyau, wanda ke janyo fotasiyam da haidurojin daga tantani zuwa cikin fitsari. Ke nan riƙe gishiri da zubar da fotasiyam aiki ne guda ɗaya, ba a samun wannan ba tare da wancan ba.

Homon na biyu shi ne kotisol, wanda ke kula da sukarin jini da garkuwar jiki da yadda jiki ke fuskantar wahala. Abin da ya ɗaure wa masana kai a shekarun 1980 shi ne, da aka gwada makarɓin aldostiron a ɗakin gwaji, musamman bayan an gano ƙwayar gadonsa a 1987, sai aka tarar yana kama kotisol da ƙarfi daidai da yadda yake kama aldostiron. Ga shi kuma kotisol ɗin da ke yawo cikin jini ya ninka aldostiron sau ɗari zuwa sau dubu. Ko da an cire kason da furotin ɗin jini suka ɗaure, wanda ya kai kusan kashi 90 cikin 100, ragowar har yanzu ta fi ƙarfin aldostiron nesa ba kusa ba. Idan haka ne, ya kamata a ce makarɓin yana cike da kotisol dare da rana, kowa kuma yana fama da hawan jini. Tunda ba haka abin yake ba, dole akwai wani abu da ke tsare makarɓin.

Amsar ta fito a 1988 daga ƙungiyoyi biyu, ta Edwards da Stewart a Edinbara, da ta Funder a Melbon. Tantanin da ke ɗauke da makarɓin aldostiron yana kuma ɗauke da inzayim ɗin da daga baya aka sa wa suna 11β-HSD2. Aikinsa shi ne cire haidurojin daga gurbi na 11 a jikin kotisol, ya mayar da shi kotison, wanda ba ya iya tayar da makarɓin. Aldostiron yana tsira daga wannan inzayim saboda a jikinsa gurbi na 11 a ɗaure yake da gurbi na 18, don haka inzayim ɗin ba ya samun wurin kamawa. Ana iya kwatanta shi da dogari a ƙofar fada, wanda ke karɓe makamin duk mai shiga, ban da manzon da aka san da zuwansa. Sarki ba ya tantance baƙi da kansa, dogarin ne ke yi masa.

Abin da irƙus-sus ke yi

Gilisirizin ba ya shiga jini sosai a yadda aka sha shi. Sai ya isa hanji, ƙwayoyin bakteriya su datse sukarin da ke manne da shi, ya koma asid ɗin gilisiretinik, wanda shi ne hanji ke tsotsa. Wannan asid, tare da wasu sinadaran da hanta ke sarrafawa daga gare shi, yana toshe 11β-HSD2 ko da adadinsa kaɗan ne ƙwarai. Hanta tana zubar da shi cikin ruwan matsarmama, ya koma hanji, a sake tsotse wani kaso, abin da ke sa ya daɗe a jiki, ya kuma taru ga mai shan sa kullum.

Hujja ta farko mai ƙarfi kan toshe inzayim ɗin ta zo ne a 1987, lokacin da Stewart da abokan aikinsa suka ba mutane bakwai masu lafiya giram 200 na alawar irƙus-sus kullum har kwana goma. Kamar yadda aka zata, jikinsu ya riƙe sodiyam, fotasiyam ɗin jininsu ya sauka, renin da aldostiron suka yi ƙasa. Sabon abin da suka auna shi ne fitsari. Sun tarar kotisol ya ƙaru a cikinsa, kuma ragowar kotisol ta rinjayi ragowar kotison fiye da yadda take kafin a fara gwajin. Wannan ita ce alamar da za a gani idan an hana kotisol komawa kotison. Kuma ita ce alamar da Ulick da New suka riga suka gani a ƙarshen shekarun 1970 a jikin wasu yara masu matsanancin hawan jini da ƙarancin fotasiyam, alhali aldostiron ɗinsu kusan babu shi. A 1995 aka tabbatar cewa waɗannan yara sun gaji lalatacciyar ƙwayar gadon 11β-HSD2 ne daga uwa da uba. Ashe mai yawan shan irƙus-sus yana jawo wa kansa, na ɗan lokaci kuma a sassauce, cutar da waɗannan yara aka haife su da ita.

Daga nan sauran alamun suna bin juna a jere. Kotisol ya tayar da makarɓi, ƙofofin ENaC suka yawaita, sodiyam da ruwa suka taru, hawan jini ya biyo baya, wani lokaci har da kumburin ƙafa. Ƙoda ta ji jini ya cika, sai ta daina sakin renin, adirinal kuma ya rage aldostiron. A yanayi na yau da kullum wannan ragi zai wadatar wajen gyara al'amarin, amma a nan ba ya amfani, domin abin da ke tayar da makarɓin ba ya ƙarƙashin ikon renin. Kotisol yana bin umarnin homon ɗin ACTH ne daga ƙwaƙwalwa, kuma ACTH ba ruwansa da yawan gishirin jiki. Bayan 'yan kwanaki ƙoda takan sami hanyar zubar da wani ɓangare na sodiyam ta sauran sassan bututunta, shi ya sa kumburin ba ya yin tsanani ga yawancin mutane. Sai dai wannan yana ƙara yawan sodiyam ɗin da ke isa ƙarshen bututun, wurin da ake musanya shi da fotasiyam, don haka zubar fotasiyam ba ta tsayawa.

Misali daga asibiti

A watan Satumba na 2020 likitocin Babban Asibitin Masacusets da ke Boston suka wallafa labarin wani lebura mai aikin gini, ɗan shekara 54, wanda ya yanke jiki ya faɗi a wani gidan cin abinci. Masu agajin gaggawa sun tarar zuciyarsa tana karkarwa maimakon bugawa, suka yi amfani da na'urar girgiza zuciya har ta dawo. Da aka auna jininsa sai aka ga fotasiyam ya sauka zuwa milimol 2.0 a lita, alhali ƙa'ida ita ce tsakanin 3.5 da 5.0. Tambayar farko da likita zai yi a irin wannan hali ita ce, ta ina fotasiyam ɗin ya fita? Idan ta gudawa ne ko ƙarancin abinci, ƙoda mai lafiya za ta riƙe ɗan abin da ya rage, a ga fitsari kusan babu fotasiyam. Idan kuwa jini ya yi ƙaranci amma fitsari na ci gaba da kwashe shi, to ƙodar ce ke zubarwa, kuma akwai abin da ke ba ta wannan umarni. Binciken mutumin ya nuna ƙoda ce ke zubarwa. Iyalinsa suka bayyana cewa yakan ci babbar leda ɗaya zuwa biyu ta alawa kullum, kuma mako uku kafin faɗuwarsa ya sauya daga mai ɗanɗanon 'ya'yan itace zuwa baƙar alawar irƙus-sus. Ya rasu sa'a 32 bayan kai shi asibiti.

Abin lura a nan shi ne tsawon lokacin. Mako uku ya yi daidai da abin da bayanin ya nuna, wato asara ce ta kaɗan-kaɗan kullum har rumbun fotasiyam na jiki ya ƙare, kuma mutumin ba ya cin abinci mai gina jiki da zai mayar masa da abin da yake rasawa. Tantanin zuciya yana dogara da bambancin fotasiyam tsakanin cikinsa da wajensa domin ya koma hutu bayan kowane bugu. Idan na waje ya yi ƙasa sosai, komawa hutun yana jinkiri, kuma a cikin wannan jinkiri ne bugun da bai dace ba yake iya kutsowa ya rikita zuciyar baki ɗaya. Kafin a kai nan, maras lafiya yakan yi kukan kasala da ɗaurewar jijiyoyi da nauyin ƙafafu da yawan fitsari, wasu ma tsokarsu takan fara narkewa.

Suka da amsoshinsu

Suka ta farko ita ce tsohuwar fahimta: me zai hana a ce asid ɗin gilisiretinik ne da kansa ke tayar da makarɓin? Gaskiya ne yana iya kama makarɓin a ɗakin gwaji, amma da rauni ƙwarai, ƙasa da ƙarfin aldostiron sau dubbai. Hujjar da ta fi yanke magana ta zo tun 1953 daga Borst da abokan aikinsa. Sun tarar irƙus-sus ba ya tasiri ga masu tsananin cutar Addison, waɗanda adirinal ɗinsu ya daina aiki, sai an haɗa musu da ɗan kotison, wanda hanta ke mayarwa kotisol. Da saiwar homon ce mai cin gashin kanta, da waɗannan ne za su fi kowa jin tasirinta. Haka nan ga masu cutar gadon da aka ambata, idan aka ba su maganin dekzametason, wanda ke dakatar da kotisol ɗin jiki amma ba ya tayar da makarɓin aldostiron sosai, zubar fotasiyam tana lafawa, idan kuma aka ba su kotisol sai ta dawo.

Suka ta biyu ita ce, idan kotisol ne mai laifi, don me ake samun adadinsa daidai a jinin masu shan irƙus-sus, kuma ba sa yin ƙiba da kumburin fuska irin na masu cutar Cushing? Amsa ita ce, toshe inzayim ɗin yana sa kotisol daɗewa a jini, ƙwaƙwalwa kuma tana jin haka sai ta rage ACTH, adirinal ya rage fitarwa, adadin da ke jini ya koma daidai. Yawan yana cikin tantanin ƙoda ne, inda gwajin jini ba ya gani. Shi ya sa gwajin da ke tona asirin shi ne kwatanta kotisol da kotison a fitsarin da aka tara na sa'a 24.

Suka ta uku ta fi ƙarfi. Miliyoyin mutane suna shan irƙus-sus ba tare da wata illa ba, to ina gaskiyar wannan bayani? Lamarin ya danganta da adadi da tsawon lokaci da kuma jikin mai sha. Kwamitin kimiyyar abinci na Tarayyar Turai a 2003 ya ba da shawarar kada a wuce miligiram 100 na gilisirizin a rana. Lissafi kaɗan zai nuna yadda ake saurin kai wa nan. Alawar da ke da giram 4 na gilisirizin a kowane kilo, wadda dokar Turai ta wajabta a rubuta mata gargaɗi ga masu hawan jini, giram 25 nata kawai ya cika miligiram 100. Busasshiyar saiwa mai kashi 4 cikin 100 kuwa, giram biyu da rabi ne ke ɗauke da wannan adadi, ko da yake ba duka ne ke fita cikin ruwan jiƙo ba. Ko wannan iyaka ma ba ta kuɓuta ba, domin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Linkoping ta Suwidin, aka wallafa a 2024, ya ba matasa 28 masu lafiya miligiram 100 kullum na mako biyu, aka ga awon jininsu na sama ya ƙaru da kusan maki 3, renin da aldostiron kuma suka ragu. Tasirin yana nan ga kusan kowa, girmansa ne ya bambanta. Ya fi tsanani ga tsofaffi, da masu hawan jini ko ciwon ƙoda tun asali, da masu cin gishiri da yawa, da masu shan magungunan sa fitsari irin su furosemid da tayazayid, waɗanda su ma suna zubar da fotasiyam. Mai shan digozin yana cikin haɗari na musamman, domin ƙarancin fotasiyam yana ƙara dafin wannan magani ga zuciya. Ya kamata kuma a tuna cewa alawa da yawa masu wannan suna da man anis ake ɗanɗana su, babu gilisirizin a ciki, don haka masu cin su ba hujja ba ne.

Suka ta huɗu ita ce bayanin ya taƙaita a kan ƙoda fiye da kima, kuma wannan suka tana da rabonta na gaskiya. Ana samun 11β-HSD2 a bangon jijiyoyin jini da wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke da hannu a sha'awar gishiri, da babban hanji da mahaifa. Akwai hujjoji daga gwajin dabbobi cewa toshe shi a jijiyoyi yana ƙara matsewarsu, don haka wani kaso na hawan jinin yana iya fitowa daga can. Funder ma ya yi nuni da cewa inzayim ɗin ba zai iya kawar da kotisol gaba ɗaya ba, kuma yana ganin sinadarin NADH da ake samarwa yayin aikin inzayim ɗin ne ke hana ragowar kotisol tayar da makarɓin ko da ya zauna a kansa. Waɗannan gyare-gyare ne ga bayanin, kuma dukkansu sun dogara da inzayim ɗin nan guda. Game da fotasiyam kuwa, fitsari ne babbar hanyar da yake bi ya fita, don haka ƙoda ce cibiyar al'amarin.

Kammalawa

Amfanin wannan bayani ga likita shi ne yana ba shi hanyar rarrabewa. Maras lafiya mai hawan jini da ƙarancin fotasiyam, idan aldostiron ɗinsa ya hau renin ya sauka, ana zargin adirinal, wato cutar da Conn ya bayyana a 1955. Idan duka biyun sun hau, a duba ƙuntatar jijiyar ƙoda ko maganin sa fitsari. Idan duka biyun sun sauka, jerin ya taƙaita: irƙus-sus, ko cutar gadon 11β-HSD2, ko cutar Liddle inda ƙofar ENaC ce ta lalace, ko kotisol mai yawan da ya fi ƙarfin inzayim ɗin. Gwajin fitsari yana ware cutar Liddle, domin a cikinta kotisol da kotison suna nan daidai, tambayar abin da mutum ke ci da sha kuma tana ware irƙus-sus. Dole tambayar ta ambaci alawa da shayin ganye da jiƙo da haɗin maganin gargajiya da taba ta taunawa ɗaya bayan ɗaya, saboda maras lafiya ba ya lissafa su cikin magunguna.

Magani shi ne a daina sha, a mayar da fotasiyam tare da duba maganiziyam, idan abin ya yi tsanani a ƙara da sifironolakton mai toshe makarɓin, ko amilorayid mai toshe ENaC. Kada a yi gaggawar yanke hukunci bayan dainawa. Binciken da Farese da abokan aikinsa suka wallafa a 1991 kan wani dattijo ɗan shekara 70 ya nuna inzayim ɗin ya ɗauki kusan mako biyu kafin ya farfaɗo, renin da aldostiron kuwa sun ɗauki watanni kafin su koma daidai. Saboda haka a ci gaba da auna fotasiyam da hawan jini na tsawon makonni, kuma a jinkirta gwajin adirinal mai tsada har sai tasirin saiwar ya gama fita daga jiki.